Kafin Jan Biro Ya Taɓa Littafi: Yadda Ake Tsara Makin Darasi Ɗaya

 A wannan makon za mu leƙa ɓangaren aikin malami da ba kasafai kuke gani ba, wato shirin da yake yi na duba aikin da kuka yi a cikin aji. Mu da ke koyon aikin malanta a jami'a, ana koya mana cewa wannan shiri ana gama shi ne tun kafin a shiga aji, tare da shirin darasin kansa. Ku ma maganar ta shafe ku. Da yawanku kuna koya wa ƙannenku karatu a gida, wasu suna jagorantar ƙungiyar bita kafin jarrabawa, kuma kusan kowa an taɓa ce masa ya karɓi littafin na kusa da shi ya yi masa maki.

Bari mu fara da ɗan lissafi. A ce aji yana da ɗalibai 60, kuma duba kowane littafi yana cin minti 2. Wannan ya zama minti 120, wato awa biyu cur, a kan darasin da aka yi cikin minti 40. Idan malamin yana shiga aji huɗu a rana, awa takwas ke nan na maki kawai. Shi ya sa wani lokaci littafinku ke dawowa bayan mako guda, ba komai a ciki sai sa hannu da kwanan wata. Kafin nan an wuce zuwa wani darasin, kuskuren da ke cikin littafin kuwa ya riga ya zauna a kai. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, to haka gyaran kuskure yake. Tsarin da za mu bi yau yana so ne kowane ɗalibi ya san inda ya kauce, ya kuma gyara da hannunsa, kafin a kaɗa ƙararrawa.

Za mu ɗauki darasi guda mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Darasin lissafi ne a aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗalibai 60 a kan benci 20, mutum uku-uku, lokaci minti 40. Abin da za a koya shi ne nemo x a tambaya irin 3x + 4 = 19.

Mataki na farko: me ake so a gani a littafi?

Kafin malam ya rubuta tambaya ko ɗaya, sai ya rubuta wa kansa abin da yake so ya gani a littafin ɗalibin da ya fahimci darasin. Idan ya ce "ina so su fahimci aljebra", bai ce komai ba, domin ba a ganin fahimta da ido. Abin da ake gani shi ne layukan da aka rubuta. A wannan darasi layukan huɗu ne. Ɗalibi ya cire 4 daga ɓangarorin biyu ya samu 3x = 15. Ya raba ɓangarorin biyu da 3. Ya rubuta amsa, x = 5. Sannan ya gwada amsar, ya mayar da 5 gurbin x ya ga 3 sau 5 a tara da 4 ya ba da 19.

Waɗannan abubuwa huɗu su ne za su zama maki huɗu na tambayar, kowanne maki ɗaya. Ku lura cewa amsar kanta maki ɗaya kawai ta ɗauka, sauran ukun na hanya ne da gwaji. Wannan ba baƙon abu ba ne. A takardar lissafi ta WAEC wadda ake rubuta aiki dalla-dalla, ana ware makin hanya daban da makin amsa, har masu maki suna sa harafin M ga na hanya, A kuma ga na amsa. Ɗalibin da ya saba tun daga ƙaramar sakandare da rubuta amsa tsirara, ranar babbar jarrabawa zai zubar da makin da ya san yadda ake samunsa.

Mataki na biyu: tambayar da ke tona kuskure

Malamin da ya taɓa koyar da wannan darasi ya san kurakuran da za su fito tun kafin su fito. Manyansu guda biyu ne. Na farko shi ne rikita tarawa da cirewa: maimakon ɗalibi ya cire 4, sai ya tara, ya rubuta 3x = 23. Na biyu shi ne mantawa cewa 3x na nufin 3 sau x: ɗalibi ya kai 3x = 15 lafiya lau, sai ya cire 3 maimakon ya raba da 3, ya ce x = 12.

Da yake an san su, sai a zaɓi lambobin tambaya yadda kowane kuskure zai haifi amsarsa ta daban. A nan ake gane malamin da ya yi shiri. A ce ya fara rubuta 2x − 6 = 10. Amsar daidai ita ce 8. Wanda ya yi kuskure na farko zai samu 2x = 4, ya raba da 2, ya ce x = 2. Wanda ya yi kurakuran biyu gaba ɗaya shi ma zai samu 2x = 4, ya cire 2, ya ce x = 2. Ga yara biyu, ɗaya yana da matsala guda, ɗayan yana da biyu, amma amsarsu iri ɗaya. Wannan tambaya ta ɓoye wa malam abin da yake nema.

Sai ya sauya ta zuwa 5x − 10 = 20. Yanzu amsar daidai ita ce 6. Mai kuskure na farko zai samu 2, mai na biyu zai samu 25, mai duka biyun zai samu 5. Da malam ya ga amsar, ko bai karanta sauran layukan ba, ya san abin da ya faru a kan yaron. Wannan sauyi bai ci minti biyar ba a daren shiri, amma shi ne zai ba shi damar duba takardu masu yawa cikin ɗan lokaci.

Aikin ajin gaba ɗaya tambaya huɗu ne, maki 10:

1. x + 7 = 16 (maki 1)
2. 4x = 28 (maki 1)
3. 3x + 4 = 19 (maki 4)
4. 5x − 10 = 20 (maki 4)

Biyun farko kowace tana gwada mataki ɗaya shi kaɗai, biyun ƙarshe suna haɗa matakan. Idan yaro ya ci ta ɗaya da ta biyu amma ya faɗi ta uku, matsalarsa haɗa matakai ce. Idan tun a ta biyu ya ce x = 24, to tushen ne bai zauna ba. Tambaya huɗu da za a duba a gyara a cikin aji sun fi goma sha biyar da za a kwashe a jibge a ofishin malamai.

Mataki na uku: raba minti arba'in

Duba aiki da gyara shi suna cin lokaci, don haka dole a yanka musu rabonsu daga cikin minti 40 tun a takarda. Idan aka ce sai abin da ya rage, ba abin da zai rage. Ga yadda za a raba.

Minti 12 na farko na koyarwa ne, da misalai biyu a allo. Daga nan minti 3 na tambayar gwaji wadda kowa zai amsa lokaci guda. Malam ya rubuta x − 3 = 8, ya ce wanda ya ga amsar 5 ce ya ɗaga yatsa ɗaya, 11 yatsu biyu, 24 yatsu uku, kuma kowa ya ɗaga a gaban ƙirjinsa idan an ƙirga uku, don kada a kwaikwayi na gaba. Amsar ita ce 11. Tun a gida malam ya yanke wa kansa hukunci: idan waɗanda suka kauce sun haura 15, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ajin, zai sake misali guda ya kuma soke tambaya ta huɗu don ya fanshe lokacin. Idan ba su kai ba, a ci gaba. Amfanin yanke wannan hukunci da wuri shi ne, a tsakiyar aji mutum yakan so ya ci gaba ko da rabin yara sun ɓace.

Sai minti 10 na aiki. A nan malam ba zama zai yi ba, zagayawa zai yi. Minti 10 daƙiƙa 600 ne, a raba wa benci 20, kowane benci ya samu daƙiƙa 30. Wannan ba zai isa a karanta littafi uku ba, don haka ya zaɓi abu ɗaya da zai kalla: layin farko na tambaya ta uku, a littafi ɗaya na kowane benci. Idan ya ga 3x = 15 ya wuce. Idan ya ga 3x = 23 ya ɗiga jan biro a gefen layin, ya ce "sake duba nan", ya wuce ba tare da ya faɗi amsa ba. A bencin farko-farko yara ba su kai ta uku ba tukuna, sai ya kalli ta biyu. Kafin ya gama zagaye ya ga littafi 20 cikin 60, kuma hakan ya isa ya san kuskuren da ya fi yawa a ajin.

Saura minti 15. Biyar na musayar littafi da yin maki, shida na gyara, huɗu na tambayar fita. Waɗannan ukun su ne zuciyar tsarin, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu: haruffa huɗu maimakon dogon sharhi

Ba wanda zai iya rubuta wa yara 60 sharhi cikin minti biyar. Amma da yake kurakuran sanannu ne, ana iya rubuta sharhin sau ɗaya a gefen allo, a ba kowanne harafi. Mai maki harafin kawai zai sa a gefen littafi. A wannan darasi haruffa huɗu sun isa, kuma kowanne yana ɗauke da aikin da mai littafin zai yi.

Harafin T na wanda ya tara inda ya kamata ya cire, ko ya cire inda ya kamata ya tara. Aikinsa shi ne ya sake layin farko, ya rubuta abin da ya yi wa ɓangaren hagu da abin da ya yi wa na dama, ya tabbatar abu ɗaya ne. Harafin R na wanda ya cire maimakon ya raba. Aikinsa ya rubuta 3x a matsayin x + x + x, sannan ya tambayi kansa, idan abu uku masu kama ɗaya sun ba da 15, nawa ne ɗaya? Harafin Ƙ na wanda hanyarsa daidai ce amma ƙidaya ta suɓuce masa. Aikinsa ya nemo layin da lambar ta karkace ya gyara daga nan. Harafin H na wanda ya rubuta amsa ba hanya ko ba gwaji. Aikinsa ya cike layukan da ya tsallake.

Ku gwada wannan da kalmomin da aka saba gani a littattafai, irin "ka ƙara ƙoƙari" ko "ba laifi". Yaron da aka ce wa ya ƙara ƙoƙari, idan ya ɗauki biro, me zai rubuta? Bai sani ba. Wanda aka sa wa R ya san abin da zai yi a cikin minti ɗaya mai zuwa. Da wannan ake auna kowane sharhi: shin mai littafin zai iya ɗaukar biro yanzu ya yi wani abu da shi?

Yanzu mu duba littafi uku a kan tambaya ta uku. A na farko an rubuta 3x = 23, sannan x = 23/3. Makin cirewa babu. Makin rabawa akwai, domin ya raba da 3 kamar yadda ya kamata, ko da yake lambar da ya raba ba daidai ba ce. Makin amsa babu, na gwaji babu. Ya samu 1 cikin 4, harafinsa T. A na biyu an rubuta 3x = 19 − 4, sannan 3x = 14, sannan x = 14/3. Ta san a cire, ta san a raba, ƙidaya ce ta kuɓuce mata. Ta samu 2 cikin 4, harafinta Ƙ. A na uku ba komai sai x = 5. Amsa daidai, hanya babu, gwaji babu. Ya samu 1 cikin 4, harafinsa H.

To ku dubi na farko da na uku. Makinsu ɗaya, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Na farko bai gane dalilin cirewa ba, yana bukatar a sake yi masa bayani. Na uku wataƙila ya iya a ka, wataƙila kuma leƙawa ya yi, kuma sai ya rubuta hanyar za a sani. Da lamba kawai aka ba su, da kowa ya ga "1" ya rufe littafinsa. Ku kuma lura cewa na farko da ta biyu, da sun gwada amsarsu, da sun kama kansu ba sai wani ya faɗa musu ba. Shi ya sa gwaji ya cancanci makinsa.

Musayar littafin ma tana da ƙa'ida. Kada a ba na kusa, domin abokin zama yakan rufa asiri. Kowane benci ya miƙa nasa zuwa benci na biyu a bayansa, na ƙarshe su kawo nasu gaba. Mai maki ya yi amfani da fensir ko biro mai launi daban, ya rubuta sunansa a ƙasa. Malam ya bi layukan a allo ɗaya bayan ɗaya, masu maki suna sa alama a kan kowane layi, sannan su sa harafi. Abu ɗaya ne ba za su yi ba: ba za su tara jimillar maki ba tukuna.

Akwai dalili. A shekarar 1988 wata mai bincike, Ruth Butler, ta wallafa wani gwaji da ta yi da 'yan aji biyar da shida na firamare a Isra'ila. Wasu an mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai, wasu da maki da sharhi tare. Waɗanda suka samu sharhi kawai ne aikinsu ya inganta a zagaye na gaba. Waɗanda aka haɗa musu biyun ba su fi masu maki kawai ba. Ku ma kun san yadda abin yake: da littafi ya dawo, ido kan lamba yake fara sauka, daga nan sai a leƙa ta maƙwabci. Don haka a wannan tsari harafi ne ke fara zuwa, jimilla sai bayan an gama gyara.

Mataki na biyar: minti shida na gyara

Littafi ya koma hannun mai shi. Kowa ya ja layi a ƙarƙashin aikinsa, ya rubuta "Gyara", ya duba harafinsa a allo ya yi aikin da aka ce. Kada a goge kuskuren, kada a yage shafin. Ranar bita, ganin inda aka kauce da yadda aka dawo ya fi shafi mai tsabta amfani.

Kafin a fara, malam ya goge amsoshin tambaya ta uku da ta huɗu daga allo, ya bar haruffan kawai. Idan ya bar su, yara za su kwafe layukan tsaf su kira shi gyara, alhali hannu ne ya yi aiki, kai bai yi ba. Wanda yake da harafi biyu ya fara da T ko R, domin su ne na rashin fahimta, Ƙ da H suna iya jira. Waɗanda suka cinye duka ba za su zauna hannu rabbana ba, tun a gida an tanadar musu tambaya mai ɗan tauri, misali 2x + 9 = 3, wadda amsarta ta faɗa ƙasa da sifili. Shi kuma malam ya tara masu T a benci biyu ko uku na gaba, in su ne suka fi yawa, ya sake yi musu misali guda da baki.

Mataki na shida: tambayar fita

Ta yaya za a san gyaran ya shiga? Ba a tambayar aji "kun gane?", domin amsar kullum "e" ce. Sai a ba da sabuwar tambaya guda a minti huɗu na ƙarshe, kowa ya amsa a 'yar guntuwar takarda da sunansa, ba taimako. A ce 4x − 8 = 12. Ita ma an zaɓi lambobinta da gangan. Amsar daidai 5 ce. Mai kuskuren T zai samu 1, mai R zai samu 16, mai duka biyun zai samu 0.

Waɗannan takardu su ne kaɗai abin da malam zai fita da shi daga aji, kuma ba maki zai yi musu ba, kasa su zai yi. Daƙiƙa biyar a kan kowace, takarda 60 minti biyar ke nan. A ce ya samu 41 masu 5, 11 masu 1, 5 masu 16, sai 3 da suka rubuta wani abu daban ko suka bar fili. Yanzu ya san abin da zai yi gobe. Zai buɗe darasi da minti biyar a kan tarawa da cirewa saboda sha ɗayan nan. Biyar ɗin masu 16 zai tsaya a bencinsu lokacin aiki. Ukun ƙarshe kuwa littafinsu zai karɓa ya karanta da kansa a tsanake, domin matsalarsu ba ta cikin waɗanda ya hango. Da masu 5 ba su kai rabin aji ba, da darasin gaba ɗaya zai sake, ta wata hanyar bayani daban.

Inda tsarin ke lalacewa

Wuri na farko shi ne makin da ɗalibai suka yi wa juna. Wani zai yi sassauci, wani zai yi mugunta, wani kuma bai gane ƙa'idar ba. Maganinsa shi ne malam ya zari littafi shida ba zaɓe, ya sake yi musu maki, aikin minti goma sha biyu. Idan ya ga biyu ko fiye sun bambanta da nasa da fiye da maki ɗaya, sai ya duba yanayin bambancin. In duk sama aka yi, son kai ne, sunan mai makin kuma yana ƙasa. In wasu sama wasu ƙasa, to ƙa'idar ce ba ta fito fili ba, gyaran na malam ne.

Wuri na biyu shi ne shigar da wannan maki cikin sakamakon zango, ko kiran suna a ce kowa ya faɗi nasa da ƙarfi. Da zarar yara sun san makin zai bi su har katin sakamako, sai su fara ɓoye kuskure, su kwafi na masu ƙoƙari. Malam zai ga littattafai masu kyau, ya ɗauka an gane, sai ranar jarrabawa gaskiya ta fito. Alamar da ke nuna hakan ta faru ita ce a ga kusan kowa ya ci 9 ko 10 a littafi, amma takardun fita sun cika da 1 da 16. Aikin aji wurin yin kuskure ne, makin zango yana da nasa gwajin daban.

Wuri na uku shi ne ɗaukar tsarin a kai shi inda bai dace ba. Musayar littafi tana aiki a nan ne domin kowane layi ko daidai ne ko ba daidai ba. A darasin insha'i ɗan aji biyu ba zai iya yanke hukunci kan kyawun labarin ɗan uwansa ba. A can sai a taƙaita abin da zai duba zuwa abin da ido ke gani, misali ko kowace jimla ta ƙare da aya, ko kowane sakin layi magana ɗaya yake yi, sauran kuma a bar wa malam.

Idan kai ne ke jagorantar bita a ƙungiyarku, ko ke ce ke koya wa ƙanne a gida, ga abin da za ku gwada a wannan makon. Kafin ku ba da tambaya, ku warware ta da kanku ku ƙirga matakanta. Sannan ku warware ta sau biyu da kuskuren ganganci, ku ga ko kowane kuskure ya ba da amsarsa daban. In bai bayar ba, ku sauya lambobin. Ku fara da 6x − 12 = 18: mene ne amsar daidai, me mai T zai samu, me mai R zai samu, me mai duka biyun zai samu? Ku rubuta amsoshin huɗu ku ajiye, za mu kawo su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.